Yadda za ka haɗa teburin farko na babi na huɗu, wanda ke nuna su wane ne ka yi bincike a kansu

Wannan rubutu na 'yan furojet ne, musamman 'yan ɓangaren lafiya, ko kana Jahun ko Birnin Kudu ko jami'ar Dutse ko BUK, ka je ƙauye ka cike fom-fom ɗinka ka dawo ka zuba a kwamfuta, yanzu sufabaiza ya ce ka kawo masa babi na huɗu, kai kuma ka rasa ta ina za ka faro. Ta tebur ake farawa, teburin da ke faɗa wa mai karatu su wa ka tambaya, shekarunsu, karatunsu, haihuwa nawa, nisan gidansu da asibiti da sauransu. Tambaya ɗaya ce za ta bi ka tun daga farko har ƙarshe: wannan lambar, cikin mutum nawa ce? In kana da amsarta a kan kowace lamba to teburinka ya tsaya da ƙafarsa, in babu, ko ka ƙawata shi da kala-kala ranar difens za a kama ka.

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi, lambobin ni na shirya su don koyo kawai. A ce ka yi aiki a wani ƙaramin asibiti a ƙauyukan fadamar Haɗeja, a kan mata masu zuwa awo, kana so ka san su waye ke da ƙarancin jini. Ka cike fom 240.

Mataki na farko, kafin ka taɓa tebur: tsayar da adadin mutanenka

Fom 240 ba lallai ya zama mutum 240 a teburi ba. A misalinmu mata 12 ba su da sakamakon gwajin jini, wata ta tafi kafin a ɗiba don yara na jiranta, wata rana kuma kayan gwajin ne suka ƙare. Tunda bincikenka a kan jinin yake, waɗannan ba za su shiga lissafi ba, saura 228. Wannan 228 ita ce za ta hau saman teburi, kuma jimlar farko ta babin ita za ta bayyana yadda aka sauko daga 240, kar ka ɓoye. Cikin 228 ɗin, 132 jininsu ya gaza 11 g/dL, 96 kuma ya kai ko ya wuce. Ka rubuta iyakar da ka yi amfani da ita a ƙasan teburin, don 11 ɗin nan ita aka daɗe ana bi ga mai ciki, amma a 2024 WHO ta mayar da ta watanni ukun tsakiya 10.5, saboda haka mai karatu yana buƙatar sanin wacce ka ɗauka.

To ga kolum ɗinka nan sun fito: na farko sunan abin da ake bayani a kai, sai duka matan 228, sai masu ƙarancin jini 132, sai marasa shi 96. In bincikenka ba ya kwatanta rukuni biyu, kolum ɗaya na lambobi ya ishe ka, kar ka ƙirƙiro rabo don kawai teburi ya yi faɗi.

Mataki na biyu: me zai shiga, me za a bari

Ba duk tambayar da ke fom ɗinka ce za ta shiga ba. Na sha ganin teburin farko ya cinye shafi uku, har da wace tashar rediyo ake saurara, alhali binciken a kan jini yake. Abin da zai shiga iri biyu ne, wanda zai sa mai karatu ya gane ko matan nan sun yi kama da na garinsu, da wanda za ka sake amfani da shi a gaba wajen bayanin abin da ke da alaƙa da ƙarancin jinin. Layi takwas zuwa goma sha biyu yawanci sun wadatar. Addini da ƙabila, in duk matan Musulmi ne kuma kusan dukkansu Hausa-Fulani, jimla guda a rubutu ta gama zancen, ba sai ka ɓata layi kana rubuta kashi ɗari ba. Shi kuma ainihin sakamakon da kake nema, wato mene ne ke tafiya da ƙarancin jini kuma da wane ƙarfi, ka bar shi sai teburi na gaba.

Akwai wurin da fom ɗin da aka kwafo daga wani waje yake cutar mutanenmu, wato wajen karatu. Fom ya ce ba karatu, firamare, sakandare, gaba da sakandare. Matar da ta sauke Alƙur'ani a makarantar allo ko ta yi shekara shida a Islamiyya tana karanta ajami, mai cike fom ɗaya zai sa ta a ba karatu, wani kuma ya sa ta a firamare, ka ga rukunin ya zama gauraye. Ka ware wa allo da Islamiyya layinsu, sannan ka faɗa a ƙasan teburi cewa wadda ta yi duka biyu an ƙirga ta a matakin boko mafi girma da ta kai. Haka sana'a, mace ɗaya tana kiwon awaki tana ƙuli-ƙuli tana kuma saƙar tabarma, ko dai ka ɗauki babbar sana'arta guda, ko ka bari a zaɓi fiye da ɗaya amma ka rubuta cewa jimlar kason za ta wuce ɗari. Haihuwa ma sai da lura, wata don alkunya ba za ta ƙirga ɗan fari ba, wata ba za ta ambaci waɗanda suka rasu ba sai an tambaya da lalama, shi ya sa in akwai katin awo ka gwada amsar da abin da ke kati.

Mataki na uku: wanke data

Nan ne mutane ke sauri, kuma nan ne ɓarnar take. A SPSS ka shiga `Analyze > Descriptive Statistics > Frequencies`, ka jefa duk abubuwan da ka zaɓa har da shekaru da nauyi, ka zauna ka karanta abin da ya fito layi-layi. Abin da kake nema shi ne mace mai shekara 3, ko nauyi kilo 560 da ya kamata ya zama 56.0, ko rukunin karatu mai lamba 7 alhali uku ka tsara.

Wanda ya fi kama mutane shi ne 99. Da yawa in mace ta ce ba ta san shekarunta ba sai a buga 99 a gurbin, da niyyar za a gyara daga baya, sai a manta. A misalinmu mata 9 ne haka. Abarejin sauran 219 ɗin shekara 26 ne, amma da kwamfuta ta haɗa da 99 guda tara sai ta ba ka 28.9, SD kuma ya kumbura ya kai wajen 15. To masu zuwa awo kusan duk tsakanin shekara 15 ne da 45, SD na 15 ba zai yiwu ba, da ka gan shi ka san da walakin. Maganin shi ne ka je `Variable View`, a kolum ɗin `Missing` ka gaya masa 99 na nufin babu amsa, ko ka goge gurbin ya zama fanko.

Za kuma ka ga shekaru sun taru a 20 da 25 da 30 da 35, kusan ba mai 29 ko 31. Ba kuskuren buga lamba ba ne, ƙiyasi ne, mutanenmu da yawa ba su da takardar haihuwa sai a kintata. Kar ka gyara da hannunka. Abin da za ka kiyaye shi ne in za ka yanka shekaru rukuni-rukuni, iyakokin kar su hau juna, a ce 20 zuwa 25 sannan 25 zuwa 30, don masu 25 ɗin suna da yawa kuma ba a san ina ka jefa su ba. Ka yi 20 zuwa 24, 25 zuwa 29, kamar yadda manyan safiyo na ƙasa suke yi.

Mataki na huɗu: abareji ko midiyan

Abubuwan da ake ƙirga su rukuni-rukuni kamar karatu, adadi da kaso ake ba su, `n (%)`. Waɗanda ake aunawa kamar nauyi da shekaru da mintin tafiya, su ne sai ka zaɓa. Ɗauki mata bakwai ka tambaye su minti nawa suke yi kafin su iso asibiti: 15, 20, 20, 30, 35, 45, sai ta bakwai ta ce 180, don da damina ruwa ya yanke hanya sai ta zagaya ko ta jira kwalekwale. Abareji zai ba ka minti 49, alhali shida cikin bakwai ɗin ba wadda ta kai haka. Midiyan, wato ta tsakiya in an jera su daga ƙarami zuwa babba, 30 ce, kuma ita ce ta fi kama da gaskiyar mafi yawansu. Saboda haka duk abin da yake da 'yan tsirarun da suka yi nisa can gefe guda, kamar nisa, kuɗin shiga, yawan dabbobi, kwanakin jinya, midiyan ake ba shi tare da lambobi biyu da suka kewaye rabin mutanen da ke tsakiya, waɗanda ake kira Q1 da Q3, a SPSS kuma za ka gan su a ƙarƙashin 25 da 75 na `Percentiles`.

Ta yaya za ka gane? Zana histogiram ka duba da idonka, in ya yi tudu a tsakiya gefe biyun sun sauka daidai to abareji da SD sun yi. In wutsiya ta ja gefe guda, midiyan. Akwai kuma gwajin da ba ya buƙatar zane: ninka SD sau biyu ka cire daga abarejin, in ya faɗa ƙasa da sifili a abin da ba zai taɓa zama ƙasa da sifili ba, kamar minti ko naira, to ya karkace. Ni dai ban cika son a dogara da gwajin Shapiro-Wilk shi kaɗai ba, in mutane suna da yawa ko ɗan karkacen da bai taka kara ya karya ba sai ya ce maka akwai matsala.

Lambobin nan `Explore` ne zai ba ka su, ka sa abin da ake aunawa a `Dependent List`, rukunin jini a `Factor List`, ka kunna `Percentiles` a ƙarƙashin `Statistics`, na kolum ɗin duka kuma sai ka sake yi ba komai a `Factor List`. Amma ga wani tarko da ba a cika faɗa ba, in ka zuba shekaru da nauyi da minti lokaci guda, SPSS da kansa zai cire duk matar da ta rasa ko da ɗaya daga cikinsu, sai ka ga nauyi ma an lissafa shi a kan 219 maimakon 228. Shiga `Options` ka zaɓi `Exclude cases pairwise`. Sannan SD za ka kwafa, `Std. Deviation`, ba `Std. Error` da ke maƙwabtaka da shi ba, na biyun ƙarami ne sosai, zai sa a ɗauka matan nan duk nauyinsu ɗaya.

Mataki na biyar: kaso, kuma cikin nawa

Ga yadda teburin zai fito, kai dai za ka rubuta naka da harshen da makaranta ta ce:

| | Duka, 228 | Masu ƙarancin jini, 132 | Marasa shi, 96 |
|---|---|---|---|
| Shekaru, midiyan (Q1–Q3) | 25 (21–30) | 24 (20–30) | 26 (22–31) |
| ba amsa | 9 | 6 | 3 |
| Nauyi da kilo, abareji (SD) | 55.3 (8.2) | 54.1 (7.9) | 57.0 (8.3) |
| Minti zuwa asibiti, midiyan (Q1–Q3) | 30 (20–50) | 35 (20–60) | 25 (15–45) |
| Karatu, n (%) | | | |
| allo ko Islamiyya kawai | 120 (52.6) | 78 (59.1) | 42 (43.8) |
| firamare | 60 (26.3) | 33 (25.0) | 27 (28.1) |
| sakandare ko sama | 48 (21.1) | 21 (15.9) | 27 (28.1) |
| Haihuwar baya, n (%) | | | |
| cikin fari | 54 (23.7) | 30 (22.7) | 24 (25.0) |
| 1 zuwa 4 | 111 (48.7) | 60 (45.5) | 51 (53.1) |
| 5 ko fiye | 63 (27.6) | 42 (31.8) | 21 (21.9) |
| Tana shan maganin ƙarin jini, n (%) | 129 (61.4) | 66 (55.0) | 63 (70.0) |
| ba amsa | 18 | 12 | 6 |

Duba layin allo da Islamiyya. Mata 78 ne a rukunin ƙarancin jini, kuma 78 ɗin nan tana iya zama kaso biyu daban. In ka raba da 132 ka samu 59.1, ma'ana cikin masu ƙarancin jini kusan shida cikin goma karatun allo kawai suka yi. In ka raba da 120 ka samu 65, ma'ana cikin 'yan allo kashi 65 suna da ƙarancin jini. Duka biyun lissafi ne daidai amma tambayoyinsu daban, kuma a teburin farko ta farkon muke so, don muna siffanta kowane rukuni ne, kaso yana gangarowa ƙasa ya cika ɗari a kolum. A `Crosstabs` ka sa rukunin jini a `Column(s)`, ka danna `Cells` ka zaɓi `Column` kaɗai. In ka kunna duka ukun, wato `Row` da `Column` da `Total`, kowane gida zai fito da kaso uku, wajen kwafa da daddare ido ya gaji sai ka ɗauko na layi a nan na kolum a can. Ta biyun, wato 65, ka adana ta don teburin da zai duba alaƙa.

Yanzu layin magani, wanda shi ne ya fi ruɗa mutane. A masu ƙarancin jini 66 suka ce suna sha, amma 12 ba su amsa ba, don haka 120 ne suka amsa. 66 cikin 120 shi ne 55.0, 66 cikin 132 kuma 50.0 ne. A `Frequencies` SPSS zai nuna maka irin waɗannan biyun gefe da gefe, `Percent` da `Valid Percent`. Na ɗauki na waɗanda suka amsa, kuma shi aka fi yi, don in ka raba da 132 kamar ka yanke hukunci ne cewa duk wadda ta yi shiru ba ta sha, kai kuma ba ka da wannan labarin. Amma sharaɗin shi ne layin ba amsa ya fito fili a ƙarƙashi. Ƙa'idar STROBE ta 2007, wadda mujallu ke bi a irin wannan bincike, a abu na 14 ta nemi a faɗi adadin waɗanda ba su da amsa a kowane abu. Kamar mai awon gero ne a kasuwa, in ya ce maka rabi sai ka tambaye shi rabin tiya ko rabin buhu. Kuma in ka ga rashin amsar ya yi yawa a abu ɗaya, a ce kuɗin shiga mace ɗaya cikin uku ta ce sai dai a tambayi maigida, to midiyan ɗin da ka samu na waɗanda suka yarda suka faɗa ne kawai, ka faɗi haka a wajen bayanin raunin binciken.

Eh ko a'a kuma layi ɗaya ya isa, ka ba da masu eh, ba sai ka ƙara layin masu a'a ba.

Maganar kolum ɗin p

Za a ce maka ka ƙara kolum na p a ƙarshe. In gwaji ne da aka raba mutane ta hanyar ƙuri'a, kar ka sa, masu ƙa'idar CONSORT sun daɗe da cewa ba shi da ma'ana, tunda an riga an san duk bambancin da aka gani a farko na sa'a ne. A irin namu da ba a yi ƙuri'a ba, wasu sufabaizoji suna so, in naka ya dage ka sa masa ka rubuta gwajin da ka yi a ƙasa, ba abin jayayya da malami ba ne. Sai dai kar ka ɗauka p da ta wuce 0.05 tana nufin rukunan biyu iri ɗaya ne. Masu haihuwa biyar ko fiye 31.8 ne a nan 21.9 a can, ko p ta ce me, tazarar kusan goma abin lura ce kuma ya kamata haihuwa ta shiga lissafin da za ka yi gaba.

Mataki na ƙarshe: biro da kalkuleta

In ka gama bugawa a Word, fitar da shi a takarda ka bi da hannu. A kwance, kolum biyun su haɗu su ba da na duka, 78 da 42 su ba da 120. A tsaye, 78 da 33 da 21 su ba da 132, in bai cika ba to akwai waɗanda ba su amsa ba da ka manta ka nuna. Kaso in ya ba da 99.9 ko 100.1 ba komai, daga taƙaita lamba ne, kar ka murɗa wata don ta cika. Abarejin duka kuma dole ya faɗa tsakanin na rukunan biyu, ya fi kusa da mai yawan mutane, ka ga 55.3 ta fi kusa da 54.1 saboda 132 sun fi 96, in ya fita waje to ka kwafo daga inda bai dace ba. Lamba ɗaya bayan ɗigo ta wadatar, shekarun da aka kintata ba sa buƙatar 26.347.

Ka duba kuma gidajen da ke da mutum ɗaya ko biyu. A birni ba wanda zai damu, amma in ka ambaci sunan asibitin ƙauye sannan teburinka ya nuna mace ɗaya mai digiri, ko ɗaya da ba ta da aure, to duk garin sun san ko wace ce, ga shi kuma ka sa ta a kolum ɗin da ke faɗin lafiyarta. Shi ya sa na haɗe sakandare da abin da ya fi ta a layi guda.

Taken teburin ya faɗi su waye, a ina, yaushe, da adadinsu, yadda ko an cire shafin an miƙa wa wani zai gane. Rubutun da zai zo kafin teburin kuma kar ya maimaita kowane gida, jimla uku ko huɗu ne: an tambayi mata 240, an cire 12 da ba su da gwajin jini, saura 228, 132 daga cikinsu wato kashi 57.9 suna da ƙarancin jini, fiye da rabi karatun allo ko Islamiyya kawai suka yi, kuma masu ƙarancin jinin sun fi nisa da asibiti sannan masu shan maganin ƙarin jini a cikinsu ba su kai na ɗaya rukunin ba. Dalilin da ya sa haka ka bar shi sai babi na biyar.